Mataki biyu ko uku? Fara ƙirga zaren faiba

"Maigida, an ba mu zanen netwok na makaranta mai ginin tsangaya biyar. In yi mataki uku kamar yadda muka karanta, wato ƙananan suwic, matakin rabawa da cibiya, ko in haɗe cibiya da matakin rabawa wuri guda?"

Sani, ajiye littafin tukuna, ɗauko biro. A ce kowane gini yana da suwic huɗu masu kafa 48. Ashirin ke nan. Idan ka haɗe matakan, suwic biyu manya za ka ajiye a ɗakin saba, kowane ƙarami ya miƙa hannu ɗaya ga wannan, ɗaya ga wancan. Kafa 20 kawai ka ci a kowace cibiya. Kowane gini kuwa layi 8 ne, layi ɗaya zare biyu, zare 16 ke nan. Kebul mai zare 24 ya ɗauke shi har da rara. A wannan girman mataki biyu ya ishe ka, kuɗin na ukun gara ya tafi batir da inbata.

Inda lissafin yake juyawa shi ne ranar da gini ɗaya ya kai suwic goma. Yanzu zare 40 kake nema, sai an sake haƙa. Nan ne za ka sa suwic biyu na rabawa a cikin ginin, su tattara goman, su tafi cibiya da layi 4, zare 8 kacal. Ginin nan kaɗai ya zama mataki uku, sauran su zauna yadda suke. Haka ma idan akwai reshe nesa, kamar tsakanin Samaru da Kongo a Zariya.

Abin da ba na yafewa ɗaya ne: kada ka ja VLAN guda, wato yankin netwok da aka keɓe a cikin suwic, ta ratsa duk gine-ginen. Na taɓa zuwa wata makaranta, wani ya tsinci kebul a ƙasa ya soke bakinsa biyu a suwic ɗaya. Fitilun kowane gini suna ƙyaftawa tare kamar ana kiɗa musu, rajistar ɗalibai ta tsaya cak. Mun kusa la'asar kafin mu gano ofishin. Ba kowace tsangaya VLAN ɗinta, ta mutu a bakin ƙofarta. Inda akwai matakin rabawa, OSPF, tsarin da na'urori ke zaɓen hanya da shi, ya riƙe hanya zuwa cibiya. In ka ga alamar irin matsalar makarantar nan a suwic ɗin Cisco, buga:

```
show spanning-tree detail
```

Duba yawan `topology changes` da kafar da na ƙarshe ya shigo, ka bi sawu.

Tsakanin gini da gini kada ka sa tagulla. Iyakarta mita 100, kuma tsawar damina ba ta san tsadar suwic ba. Faiba irin OM3 ma mita 300 yake tsayawa a kan gudun 10G, don haka OS2 mai cin dogon zango nake sawa. Gobe ka taka da ƙafarka ka ga ko layukan da ke zuwa manyan suwic biyun rami ɗaya suka bi, don in haka ne, diga ɗaya ce za ta yanke su tare.