Iyafis ko babban hedifon? Ɗakinmu ya hana ni karatu

Salam Anti, ina aji biyu, mu takwas ne a ɗakinmu na hostel kuma wallahi daga isha'i har ɗayan dare hira ce da kallon fim a waya da kiran samari, ga jarrabawa saura sati biyar. Na tara dubu 25, in sai iyafis na bulutut ko babban hedifon mai rufe kunne? Wata ta ce in nemi mai ANC wai ko an yi kuwwa ba ni ji.

Wa'alaikissalam ƙanwata. Sayi ƙaramin, iyafis mai bakin roba wanda ka shiga cikin ramin kunne ya toshe. Ki lura na ce mai bakin roba, don akwai wanda kansa gangariyar filastik ne kawai ana rataya shi bakin kunne, wannan kam ko kyauta anka ba ki ba ya yi miki aikin da kike so, hirar ɗaki za ta bi ta gefe ta shigo kamar ba ki sa komai ba.

Ita kuma ƙawarki da batun ANC, ba ƙarya ta yi duka ba amma an sayar mata da labari. Yadda abin yake aiki shi ne akwai 'yan ƙananan makirfo a jikin na'urar, suna sauraren ƙarar waje sai na'urar ta fitar da kishiyar wannan ƙarar cikin kunnenki su kashe juna. To wannan dabara tana cin nasara ne kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin gurnanin janareto, kukan fanka, injin bas in kina hanyar gida. Muryar mutum ba haka take ba, yanzu ta hau yanzu ta sauka, a yi shiru sai kuma a fashe da dariya, kuma mafi yawan abin da ke sa ki gane kalma yana can sama cikin siririn sauti inda ANC ba shi da ƙarfi sosai. Har ma akwai abin haushi, in ya ɗauke miki kukan fanka sai ɗakin ya yi tsit a kunnenki ki koma jin gulmar da ake yi a gadon ƙasa tar tar, fiye da da. Ni na taɓa aron wani mai tsada na sa a ɗakinmu lokacin muna makaranta, abin da na ƙaru da shi a daren nan shi ne na san sunan saurayin kowa.

Abin da ke tare murya shi ne toshiya ta zahiri, wato roba ta cika ramin kunne babu inda iska ke bi. Shi ya sa in kin buɗe kwalin kada ki yar da 'yar ledar nan mai ƙarin robobi, yawanci kala uku ne, ƙarami da matsakaici da babba, kuma wanda ke liƙe daga kamfani matsakaicin ne, mutane da yawa har abin ya lalace ba su taɓa gwada sauran ba. Zauna ki gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ki kama saman kunnenki da ɗayan hannun ki ɗan ja sama da baya, ki tura, ki ɗan murɗa, ki saki. In ya zauna daidai za ki ji muryarki ta koma cikin kanki kamar kin sa yatsu a kunne, kuma in kin kunna wani abu sautin zai yi kauri. In kin ji shi siriri kamar rediyon mai shayi daga nesa to bai toshe ba, canza roba. Kuma ba dole kunnuwan biyu su ɗauki girma ɗaya ba, ni na dama matsakaici nike sa wa na hagu ƙarami.

Yanzu mi ya sa ban ce babban ba, alhali shi ma mai kyau yana tarewa? Na farko garin nan. Ke kin san Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, zafi ya wuce digiri 40, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, mutum takwas suna numfashi a ɗaki guda, sai ki ɗora matasan leda biyu kan kunnuwanki. Minti ashirin zufa ta fara gangarowa wuya, ki cire ki goge ki mayar, karatun ya tsinke. Kuma fatar da ke jikin masu araha ba fata ba ce, leda ce anka shafa kan yadi, zufa da zafi da man kitso suna sa ta fara ɓarewa, ki wayi gari da baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan hijabi.

Na biyu shi kansa hijabin ko ɗankwali. Babban hedifon yana tare ƙara ne in matashin ya manne da fatar kai ya zagaye kunne babu kafa. In kin ɗora shi saman hijabi yadin ya raba shi da fata, ƙara ta sami hanya. In kin sa shi ƙarƙashi kuma ya yi tudu ga zafi, in kitso manya ne ko kin tufke gashi sama sai ƙarfen kan ya ƙi zama. Ƙaramin kuwa ki sa ki ja hijabi a kai, ba wanda ya san ma kin sa, kuma wannan yana da amfaninsa a hostel don abin da ido bai gani ba baki ba ya cewa ara mini. Batun aro kuwa ki daure ki ce a'a ko wacece, abu ne mai shiga ramin kunne, ana ɗaukar ciwon kunne ta haka. Sannan a hostel rabin karatu kan gado ake yin shi a kishingiɗe, gwada kwanciya gefe ɗaya da babban hedifon ki gani.

Inda babban ya fi shi ne batir, wannan ba gardama. Da yawa suna kai awa 30 ko fiye da caji ɗaya, ƙananan kuwa yawanci awa biyar zuwa bakwai sai a mayar da su gidansu na caji, in an kunna ANC ya ragu. Amma ke ba awa 30 za ki zauna ba, kuma gidan yana sake cika su kamar sau uku ko huɗu kafin shi ma ya nemi wuta. Ɗayan matsalar ita ce ɓata, ƙafa ɗaya ta faɗa bayan gado ko cikin bokitin wanki shi ke nan. Da kin cire, gidansu, gidan kuma cikin jaka.

In kin je saye, ko babbar kasuwa ko shagunan waya, ga tarkon da ya fi kama mutane. Za ki ga kwali an rubuta ENC da manyan baƙaƙe, mai shago ya ce ai shi ne mai kashe ƙara. Ba shi ba ne. ENC makirfon kira yake gyarawa don wanda kike magana da shi a waya ya ji ki da kyau, kunnenki ke ba abin da ya rage masa. Kuma ko an rubuta ANC ɗin ki gwada kafin ki biya: ki sa ba tare da kunna komai ba, ki tsaya kusa da janareton shagon, ki kunna ANC ki kashe ki sake kunnawa. Na gaskiya za ki ji gurnanin ya nutse kamar an ja ƙofa. In ba bambanci, ko sai wani shuuu da ya ƙaru, rubutu ne kawai. A kuɗinki ni da in sai ANC na jabu gara mai toshiya mai kyau wanda ba shi da shi. Ki duba kuma ko an rubuta IPX4, ma'anarsa yana jure zufa da fantsamar ruwa, ba wai a yi alwala da shi a kunne ba.

Amma ko ya toshe ba za ki daina jin su ɗungurungum ba, muryar za ta yi nisa ne kawai, kuma ƙwaƙwalwa muddin tana tsintar kalma sai ta bi. Maganin shi ne ki rufe ragowar da sautin da ba magana ciki. Ki sauke sautin saukar ruwan sama mai tsawon awa guda a wayarki tun kina da data, ki sa ya riƙa maimaita kansa, a hankali, daidai inda kalmominsu sunka daina fitowa. Waƙa ko wa'azi ba su yi, magana ce kin ƙara kan magana.

Kuma nan ne nike so ki yi hattara, don masu iyafis marar toshiya abin da suke yi shi ne su ƙure ƙara don su danne hayaniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren ƙara mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a sati ba matsala, amma in ya kai 90 awa huɗu ne kacal a sati. Ke in kina karatu tara zuwa ɗaya awa huɗu ke nan, sau bakwai awa 28, kin ga a ƙaramar ƙara kina cikin iyaka, a babba kuwa daren farko kin cinye rabon satin. Kada ki wuce rabin layin ƙarar wayarki ko ɗan sama kaɗan, in gargaɗin nan ya fito a allo kada ki danna masa OK ki wuce. In kin cire kin ji kunne na ƙara ziii ko muryoyi sun yi dishi dishi, kin yi yawa. Duk awa guda ki cire minti biyar ko goma kunne ya sha iska, ki goge robar da tsumma mai tsabta, lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da dauɗar kunne ta toshe 'yar ragar bakin sai ki ɗauka ƙafa ɗaya ta mutu.

In canji ya rage ki tambayi kemis ko masu kayan gini soson toshe kunne, irin na masu aiki da inji, ana murza shi ya yi siriri a tura ya kumbura ciki. Wajen tare murya ya fi iyafis da yawa, ba caji ba bulutut, ranar da kike son hadda tsit shi za ki sa. Sai dai in za ki kwana da shi ki ce wa ta kusa da ke ta tashe ki asuba don ƙararrawar waya tana iya wuce ki.

*

Anti ni namiji ne, ina sa gilashi, a aji nike karatun dare kuma janareto na bayan tagar. Ni ma ƙaramin?

Kai kam ɗan'uwa taka ta bambanta, ƙarar janareto ita ce ainihin abincin ANC, don haka shi za ka sa wa kuɗi, ƙarami ko babba. In kunnenka ba ya jure abu a ciki babban ya yi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ake sanyi. Sai dai ka je shagon da gilashinka a fuska, don ƙafar gilashi mai kauri tana ɗaga matashin ta bar kafa, kuma bayan awa guda tana danne bayan kunne har kai ya yi ciwo. Ka zaɓi wanda ke da ramin jona igiya ma, ranar da batir ya mutu ka jona igiya ka ci gaba.