Yadda ake haɗa manazarta mai sharhi ba tare da wani sharhin ya fi wani tsawo ba

"Salam 'yan uwa. Malamin da ke duba kundina ya ba ni jerin littattafai da maƙalu 25 a kan littattafan soyayya na Kano, ya ce in mayar da su manazarta mai sharhi, kowanne tsawonsa ɗaya tsarinsa ɗaya. Na fara amma wani ya kai shafi guda wani layi uku. Don Allah ya ake yi?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Toh ni dai abin da na lura da shi a wurin ɗaliban da na duba wa irin wannan aikin, matsalar ba ta ƙirga kalmomi ba ce, matsalar ita ce kowane littafi kana barinsa shi ya faɗa maka abin da za ka rubuta a kansa. Wanda ka karanta ya yi maka daɗi sai ka yi ta zuba, wanda tsakurensa kawai ka leƙa sai ka rasa ta cewa bayan layi uku. Maganin shi ne kai ka riga yanke tambayoyin da kowane aiki zai amsa maka, ka yi musu awo da mudu ɗaya, babban littafi ne ko 'yar maƙala.

Amma kafin nan ka koma wurin malam ka tambaye shi abu biyu, adadin kalmomin da yake so da kuma ko taƙaitawa kawai yake nufi ko har da ra'ayinka a kan aikin. Kar ka ji kunyar tambayar nan, don wasu malaman taƙaitawa zalla suke so wasu kuma in ba su ga ka auna aikin ba za su dawo maka da shi da jan biro. In ya ce kai ka zaɓa, ka ɗauki kalma 120 ka ba kanka rata daga 110 zuwa 130. Ka sani kuma Hausa tana cin kalmomi, su ya da na da da duk kwamfuta ƙirga su take, saboda haka 120 ɗin nan jimla huɗu ce ko biyar ba wani abu mai yawa ba.

Tambayoyin da nake sa ɗalibai su yi amfani da su huɗu ne, kuma a jere suke ba a sauya musu wuri. Me marubucin ya ce, wato hujjar da ya zo kafawa ba sunayen babobinsa ba, wannan ka ba ta wajen kalma 40. Da me ya kafa ta, hira ya yi da mutane ko littattafai ya nazarta ko takardun tarihi ya tono, wajen 25. Ina ya tsaya, me bai taɓo ba, wajen 25. Sannan me zai yi maka a naka kundin, wajen 30. Wannan ta ƙarshen ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa kuma ita ce malam yake fara dubawa, don a nan ake gane wanda ya karanta da wanda ya kwafo bayan littafi.

Bari in ɗauki guda wanda na tabbata yana cikin jerinka ko ya kamata ya kasance, Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya da kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya ya buga a 1988. Na zaɓe shi ne don irinsa ne ke kai mutum shafi guda, littafi ne mai faɗi ya taɓo abubuwa da yawa. Bayan ka rubuta bayanin bugunsa a sama, sharhin zai iya zama kamar haka:

"Yahaya ya bi tarihin rubutu da Hausa tun daga zamanin ajami zuwa shigowar boko, yana nuna yadda hukumomi irin su Hukumar Talifi, Kamfanin Gaskiya, NORLA da NNPC suka ɗauki nauyin samar da littattafai, har da gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran farko. Ya gina aikin a kan tattara sunayen littattafai, marubutansu da shekarun bugawa, ya jera su zamani bayan zamani. Da yake an buga shi a 1988, bai riski bunƙasar littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990 ba, kuma ya fi ba da tarihi a kan fiɗar jigo. Zan yi amfani da shi a babi na biyu don nuna yadda ɗab'i yake a hannun hukuma kafin marubuta su fara buga littattafansu da kuɗinsu."

Ka ƙirga, 115 ne. Ka duba kuma abin da na bari. Ban tsaya a kan waƙoƙi da wasan kwaikwayo da jaridu ba, ba don ba su da amfani ba, don ba su shafi kundinka ba ne. Da a ce kundin a kan rubutattun waƙoƙi ne da jimlar farko da ta ƙarshe sun canja gaba ɗaya alhali littafin dai shi ne. Wannan shi ne sirrin matse babban littafi, ba taƙaita shi duka za ka yi ba, ka faɗi faɗinsa a jimla ɗaya sannan ka kama ɓangaren da ya shafe ka. Ka lura kuma da jimla ta uku, ban ce littafin yana da rauni ba, iyakarsa na faɗa. Ɗalibai da yawa suna tsoron wannan gurbin wai kar a ce sun soki manya, alhali faɗin shekarar da aiki ya tsaya ko yankin da bai leƙa ba ba rashin kunya ba ne, malam ma shi yake jiran gani.

Sai ɗaya ɓangaren, 'yar maƙala da kake ganin babu abin faɗa a kanta. Misali maƙalar Brian Larkin ta 1997 a mujallar Africa, wadda ya yi a kan finafinan Indiya da masu kallonsu a ƙasar Hausa. In ka ce "marubucin ya yi magana a kan tasirin finafinan Indiya" ka tsaya, ai ba ka ce komai ba, taken ka maimaita. Amma in ka bi gurabun nan dole ka faɗi hujjarsa, cewa finafinan sun ba matasa wani salon zamananci wanda ba na Turawa ba kuma littattafan soyayya sun ɗauki wannan zaren wajen maganar auren dole da zaɓin masoyi, dole ka faɗi cewa zama ya yi a Kano ya yi bincike, dole ka faɗi cewa ido na mai nazarin al'umma ya kalli abin da shi ba na mai fiɗar salo ba. Kafin ka ankara ka kai 120. In kuwa ka yi ta juyi ka kasa cika gurbi na biyu, wato ba ka san da me ya kafa hujjarsa ba, to gaskiyar magana ba ka karanta ba, ka koma ka karanta, kar ka cika wurin da su "wannan aiki yana da matuƙar muhimmanci". Duk jimlar da za ka iya ɗagawa ka ɗora a ƙarƙashin wani littafin ta zauna daram, goge ta.

Wajen aikin kansa, shawarata kar ka fara a Word. Buɗe Excel, kowane aiki layi ɗaya, gida na farko bayanin bugu, gidaje huɗu na gaba tambayoyin nan huɗu. Amfaninsa da ka kalla za ka ga inda ya kumbura da inda yake wayam, kuma za ka iya karanta gida ɗaya daga sama har ƙasa ka ji ko muryar ɗaya ce. In kana son ya ƙirga maka kalmomin da ke gidan B2 sai ka sa wannan a wani gidan ka ja shi ƙasa:

```
=LEN(TRIM(B2))-LEN(SUBSTITUTE(TRIM(B2)," ",""))+1
```

Tazarar da ke tsakanin kalmomi yake ƙirgawa ya ƙara ɗaya, don haka gidan da babu komai a ciki zai nuna maka 1, kar ya ruɗe ka. Sai ka gama duka 25 ɗin sannan ka kwashe su zuwa Word ka haɗa kowane huɗu su zama sakin layi ɗaya.

Wani abu da ke ɓata tsari wanda mutum ba ya ji sai wani ya karanta masa shi ne sauya murya. A na farko ka ce "Yahaya ya bi", a na biyar ka ce "an yi bayani", a na tara ka ce "littafin yana nuna". Ka zaɓi ɗaya ka riƙe. Haka gurbi na huɗu, in "zan yi amfani da shi" ka fara to haka har ƙarshe, in sashenku ba sa son ɗalibi ya ce ni, sai ka mayar da shi "wannan bincike zai" a ko'ina. Amma fa daidaita tsari ba yana nufin duka 25 su buɗe da kalma ɗaya ba, ka riƙa neman aikatau da ya dace da abin da mutumin ya yi, wani kwatantawa ya yi, wani musantawa, wani tattarawa kawai.

Littafin da mutane da yawa suka rubuta babi-babi kuma, in babi ɗaya ka karanta to babin za ka shigar da sunan mai babin, ba littafin duka da sunan edita ba. Kundin digiri da ba a buga ba shi ma gurabunsa huɗu ne kamar kowa, sai dai ka tabbata ka rubuta jami'a da sashe da matakin digirin tun kana laburare, don komawa neman kundi ɗaya a cikin tarin nan wahala ce.

In salon APA bugu na bakwai kuke bi, jerin yana tafiya ne bisa haruffan sunan ƙarshe na marubuci ba yadda malam ya jero maka ba, sharhin kuma yana farawa a sabon layi ƙarƙashin bayanin bugun, an turo shi duka ciki da rabin inci. Ctrl+T a Word zai yi maka turin layukan bayanin bugun. Ka dai bi jerin da idonka bayan kwamfuta ta jera, musamman sunaye masu ɗ da ƙ da ɓ irin su Ɗangambo, don wani lokacin takan jefa su inda ba nan ba. Kuma jerin da malam ya ba ka kar ka ɗauka babu kuskure a ciki, sau da yawa daga ka yake rubutawa, ka duba shekara da maɗaba'a a jikin littafin da kanka.

Ka fara yin guda uku kawai, babban littafi ɗaya, maƙala ɗaya, kundi ɗaya, ka kai masa ya gani. In ya ce ƙara tsawo ko cire ra'ayinka, uku za ka gyara ba 25 ba. In ka so ka turo ukun nan a nan mu duba maka kafin ka kai.