Batirin sola a sanyin hunturu

"Ina Sabon Gari, Zariya. Tun shigowar hunturu batirin solata mai ruwa ke saurin ƙarewa da asuba. Ya lalace ne, ko in mayar da shi ɗaki mai ɗumi?"

Malam, da wuya a ce ya lalace. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, misali 200Ah, ana auna shi ne a zafin digiri 25, kuma idan sanyi ya sauka sinadaran cikinsa sukan yi nauyin aiki, har inbata ta ga wutar ta yi ƙasa ta kashe kanta, alhali akwai saura a ciki. Wannan rashi na ɗan lokaci ne, domin da gari ya ɗumama ƙarfin yakan dawo.

Zafi ne yake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, saboda yana ƙafar da ruwan batirin, yana kuma cinye farantan dalmar da ke ciki. Ƙarin kimanin digiri 10 na dindindin yakan rage rayuwarsa da rabi, shi ya sa nake ganin ɗakin kwano marar iska a watan Afrilu ya fi hunturu haɗari. Ka bar shi a inuwa mai iska, kada ka kusantar da shi ga murhu. Idan ya kumbura, ko bai farfaɗo ba bayan sanyi ya wuce, ka kira mai gyaran sola ya auna shi.