Yadda waya za ta riƙa sanar da gida inda ka kai idan kana kan hanya

Tambaya: “Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zuwa Legas saro kaya kusan duk wata, a motar dare. Hajiyarmu ba ta barci sai ta yi ta kira, ni kuma wani lokacin barci ya ɗauke ni ko babu sabis. Akwai yadda zan saita waya ta riƙa sanar da gida inda na kai da kanta?”

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni ma hanyar nake bi, daga Kano ta Lakwaja, kuma na fi shekara biyu da wannan saitin a wayata.

Ka fara cire WhatsApp daga lissafi a irin wannan tafiyar. Yana da Share live location, amma zaɓinsa uku ne: minti 15, awa 1, ko awa 8. Idan motarku ta tashi ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe ɗayan dare zai yanke, daidai lokacin da kake barci kuma aka fi bukatarsa. Sannan ba ya buga wa kowa ƙararrawa, sai mutum ya buɗe ya duba. Don zuwa Zariya ko Kaduna ya wadatar.

Google Maps nake amfani da shi, kuma aikin rabi biyu ne. Inda mutane ke kuskure shi ne su yi rabin farko su ɗauka sun gama.

Rabin farko a wayarka yake. Ka buɗe Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga Location sharing, ka fara sabo. Wajen lokaci ka zaɓi Until you turn this off. Wajen mutum kuma ka zaɓe shi ta adireshinsa na Gmail. Kada ka kwafi mahaɗi ka jefa a zauren dangi: duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai ga inda kake, kai kuma ɗan kasuwa ne mai tafiya da kuɗi. Mutum ɗaya ko biyu sun isa.

Rabi na biyu a wayar mai karɓa ake yinsa, don sanarwar shi ne yake saita ta. Zai buɗe nasa Maps, ya shiga Location sharing, ya taɓa sunanka, ya nemi Notifications, ya ƙara wuri, sannan ya zaɓi a sanar da shi idan ka isa wurin, ko idan ka bar shi, ko duka biyun. Kai ma saƙo zai zo maka cewa wane ya saita sanarwa a kanka, ba a yi maka a ɓoye. Shawarata kada ka ɗora wa Hajiya wannan. Ka nemi ƙaninka ko uwargida, wanda wayarsa ba ta rabuwa da data, shi zai riƙa leƙawa ɗakinta ya ce “ya wuce Kaduna”. Tsofaffi sun fi natsuwa da bakin mutum a kan ɗigon da ke yawo a taswira.

Wajen zaɓen wurare, da farko na zuba kusan goma, har da Kwanar Dangora da Jaji. Banza ne. Garin da mota ke wucewa a guje, idan aka yi rashin sa'a babu sabis a wannan ɗan lokacin, sanarwar takan makara, wani lokacin ma ba ta zuwa, sai ka tayar da hankalin da kake son kwantarwa. Yanzu huɗu na bari: barin tasha a Kano, inda direbobinmu ke tsayawa a Kaduna, wurin cin abinci da sallah a Lakwaja, sai masaukina a Agege. Duk wuraren da mota ke daɗewa ne, wayar na samun sukunin aika labari.

Akwai abin da ya kamata ka fahimta don ka iya yi wa gida bayani. Wayarka tana gane inda take ta tauraron ɗan adam ko babu sabis, amma aika wannan labarin gida sai da data. Saboda haka idan sabis ya ɗauke, ɗigonka zai tsaya cak a inda aka yi aike na ƙarshe, alhali motar tana ta gudu. A ƙarƙashin sunanka ana rubuta tun yaushe aka sabunta, ana kuma nuna cajin da ya rage maka. Waɗannan biyun ake karantawa kafin a kalli ɗigon.

Na koyi wannan da wahala. Wata tafiya na bar gida da caji bai kai rabi ba, na yi ta kallon bidiyo har Zuba. Da batirin ya yi ƙasa, tsarin tattalin caji ya kunna kansa ya danne manhajojin da ke aiki a bayan fage. Ɗigona ya maƙale a wajen Abaji, sanarwar Lakwaja ba ta je ba, wayar kuma tana aljihu na rufe mata murya. Da na farka da asuba mun wuce Akure, na tarar da kira ya fi ashirin, uwargida har ta tashi yayana ya fara neman lambar tasha. Laifina ne. Da an duba an ga cajina na ƙarshe kashi 14 ne, da an gane abin da ya faru.

Tun daga nan nake tabbatar da abu uku. A Settings, ƙarƙashin izinin Maps, Location ya kasance Allow all the time, tare da Use precise location a kunne. A ɓangaren batirin manhajar ka sa Unrestricted, ko abin da ya yi kama da shi, don sunan yana bambanta daga waya zuwa waya. Idan kuma wayarka na da manhajar nan mai “share waya” da ƙara mata sauri, ka cire Maps daga abin da take rufewa, kuma kada ka kunna Data saver a hanya. Fawa bank kam dole ne, don cajin cikin mota ba abin dogaro ba ne. Idan layi biyu gare ka, ka sa data a duka biyun, inda wannan ya ɗauke sai ka juya zuwa wancan.

Sai yarjejeniya, wadda a wurina ta fi saitin kansa. Na ce wa gida: idan ɗigo ya tsaya ƙasa da awa ɗaya, kada kowa ya motsa. Ya wuce haka, a duba caji, a kira ni, a kuma tura saƙon tes, don yakan shiga inda data ta gaza. Sai an kai awa biyu shiru za a kira direba. Shi ya sa kafin mu tashi nake tura lambar motar da ta direba ko yaronsa.

Ka kuma leƙa Safety & emergency a Settings. Yawancin wayoyin Android daga 12 zuwa sama suna da Emergency SOS, wanda danna maɓallin kunna waya sau biyar da sauri ke tayarwa. Ka duba lambar da zai kira, ko 112 ko wadda ka sa, ka ga kuma ko taka tana tura wa 'yan uwa saƙo, don ba duka ke yi ba.

Kada ka bari sai ranar tafiya. Gobe ka sa ƙaninka ya saita shagonka a matsayin wuri, ka fita kasuwa da wayar a aljihu, allonta a kashe, ku ga ko sanarwar za ta zo da kuma minti nawa za ta ɗauka. Idan ba ta zo ba, ka koma kan saitin batiri, galibi can matsalar take. Allah ya kiyaye hanya, a gaida Hajiya.