Kulluntu a wuya da ba ya ciwo, ga maƙogwaro ya ƙi warkewa

Tambaya ta farko: Likita, shekarata 54, kuma na kai shekara talatin ina shan sigari. Wata biyu ke nan maƙogwarona na ciwo ta ɓangaren hagu, sannan wani kulluntu kamar goro ya fito a ƙasan muƙamuƙina ta wannan ɓangaren. Ba ya yi mini zafi ko na danna shi. Na sha kafso na kemis har zagaye biyu. Tunda babu ciwo, in ƙyale shi? Daga wani magidanci, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Malam, kada ka ƙyale shi, domin rashin ciwon da ya kwantar maka da hankali shi ne ya tayar da nawa. Kaluluwar da ta tashi saboda mura, ciwon haƙori ko kumburin maƙogwaro na yau da kullum tana da taushi, tana zafi idan an taɓa, kuma tana sacewa cikin mako biyu zuwa uku bayan ciwon da ya tayar da ita ya lafa. Wadda ta haura mako uku, ta kai girman goro, ta yi tauri, ba ta kuma zafi, tana da wani dalili na daban da sai an bincika.

A shekarunka, da tarihin sigarin nan, abin da likita zai fara ƙoƙarin tabbatarwa ko kawarwa shi ne ciwon daji da ya fara a cikin maƙogwaro, wato a tonsil, tsokar nan biyu da ke gefe da gefe a ƙofar maƙogwaro, ko a tushen harshe, ko a maƙoshin da murya ke fita, sannan ya sauko zuwa kaluluwar wuya. Ban ce shi gare ka ba, domin tarin fuka na kaluluwa ya yawaita a wajenmu kuma yana iya zuwa da irin wannan kama, haka ma dajin kaluluwa da ake kira limfoma. Amma ciwon maƙogwaro da ya tsaya a ɓangare ɗaya, da kulluntu a wannan ɓangaren dai, haɗuwa ce da ba ma wasa da ita. Ka lura ko kunnen hagu yana sara ba tare da ruwa ba, domin jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga tonsil da tushen harshe tana da reshe a kunne. Ka kuma lura ko muryarka ta dishe, ko tuwo yana tsaya maka har sai ka bi shi da ruwa, ko yawu yana fita da jini, ko wando ya fara yi maka yawa.

Je ka sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina a cikin makon nan. Likita zai lalubi wuyan gaba ɗaya, ya duba baki da fitila, yana iya sa yatsa ya taɓa tonsil da tushen harshe, saboda wani lokaci yatsa kan ji taurin da ido bai gani ba. Daga nan sai a fesa maganin kashe zafi a hanci, a zura wata siririyar na'ura mai haske da kyamara ta hancin, a duba bayan hanci har zuwa maƙoshi. Mintoci kaɗan ne, kana zaune a kujera, abin da za ka ji bai wuce hawaye da son yin atishawa ba.

Bayan wannan sai hoton sikanin na wuya, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda ke nuna ko kulluntun kaluluwa ce, ko ƙullin maƙoƙo ne, ko jakar ruwa. Sai a soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a kai ɗakin gwaji; a takarda za ka ga an rubuta FNAC. Za a kuma ɗauki hoton ƙirji, a auna jini, har da gwajin HIV, wanda muke yi wa duk mai kaluluwar da ta daɗe, don haka kada ka ɗauka zargi ne. Idan allura ta nuna daji, sai a yi hoton CT na wuya da ƙirji, a sa ka barci a yanko ɗan nama daga inda abin ya faro. Wannan naman ne ke faɗin irin dajin, a kansa kuma ake yanke shawarar tiyata, ko gashi da haske, ko maganin daji da ake sawa ta ƙarin ruwa. Zagaye na uku na kafso ba zai ƙara maka komai ba sai ɓata makonni. Sigari kuwa ka ajiye ta tun yau, ko me sakamakon ya nuna.

Tambaya ta biyu: 'Yata mai shekara 19 tana da ƙulle-ƙulle uku a gefen wuya, sun manne da juna, ba sa ciwo. Tana kukan maƙogwaro, tana gumi da dare, ta kuma rame. Wanzami ya ce belu ne, a cire, a yi wa wuyan sakiya. Daga wata uwa, Daura.

Amsa: Hajiya, kada aska ta taɓa yarinyar nan. Belu ba ya haifar da ƙulli a wuya, cire shi kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Idan tarin fuka ne a kaluluwar, wanda shi na fi zato da wannan bayanin, sakiya kan bar ƙofa da ke tsiyayar da ruwa wata da watanni ba ta rufe ba. Mutane da yawa ba su san cewa tarin fuka yana kama kaluluwa ko da mutum ba ya tari ko kaɗan ba.

Matsalar ita ce limfoma tana kama matasa masu irin shekarunta, kuma ita ma tana zuwa da gumin dare da zazzaɓi da rama, ta yadda ido da hannu kaɗai ba sa raba su. A kai ta Babban Asibitin Daura a fara da hoton ƙirji da gwajin jini, a kuma zuƙi kaluluwar da allura a yi gwajin GeneXpert, wanda ke gano ƙwayar tarin fuka ya kuma nuna ko tana jin maganin rifamfisin. Idan an same ta, magani kyauta ne, na wata shida: magunguna huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun. Kaluluwar kan ɗan ƙara girma a farkon shan magani, kuma wannan kaɗai ba dalilin dainawa ba ne, a dai koma wurin likita ya duba. Idan ba a samu ƙwayar ba, ko yarinyar ta ci gaba da ramewa duk da magani, sai a ciro kaluluwa ɗaya sukutum a duba, domin limfoma ba ta cika bayyana sosai a ɗan abin da allura ke zuƙowa ba.

Kafin gwajin, kada a ba ta firedinisolon ko dekza, domin suna sa limfoma ta sace na ɗan lokaci, su ɓata sakamako. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifiro da danginsa kuma suna danne ƙwayar tarin fuka ba tare da sun warkar da cutar ba.

Tambaya ta uku: An ce idan allura ta taɓa daji sai ya bazu. An soki mahaifinmu, sakamako ya dawo wai abin da aka ɗebo bai isa ba, an ce a sake. Mu yarda? Daga wani ɗalibi, Rafindaɗi, Katsina.

Amsa: Ku yarda, ɗana. Haɗarin bazuwar daji ta siririyar allura ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ma muke fara da ita kafin wuƙa. Sakamakon da ya ce abin bai isa ba yana nufin allura ta zuƙo jini ko ruwa kawai, ba ya nufin Baba ba shi da komai. A karo na biyu ku nemi a yi sukar ana kallon allurar a sikanin, don ta faɗa cikin naman kulluntun, kuma ku tafi da takardar sakamakon farko da duk magungunan da yake sha, musamman idan akwai asfirin ko wani mai tsinka jini a cikinsu.