Zinariya a cikin jari: rumbu ce, ba gona ba

"Ina aiki a Abuja, na tara naira miliyan 2. In zuba su duka a zinariya? An ce ba ta faɗuwa."

Ɗan'uwa, wanda ya ce maka ba ta faɗuwa bai duba tarihi ba. A 2011 farashin oza ɗaya ya haura dala 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ya sauko kusan 1,050.

Aikinta daban ne. Zinariya ba ta haihuwa: babu ribar shekara irin ta hannun jari, babu kuɗin haya. Da dala ake yi mata farashi, shi ya sa idan naira ta karye, kamar bayan Yunin 2023 da aka sake ta, kuɗinta a naira yake tashi. Kariya ce daga zaizayewar naira, shi ke nan.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne sarƙa da 'yan kunne. A ce ka sayi sarƙar 500,000 a kasuwar Wuse, 60,000 a ciki kuɗin ƙira ne. Ranar sayarwa mai shago zai ɗora ta a sikeli ya biya ka nauyi kawai, ya kuma rage nasa. Sai farashi ya tashi da fiye da kashi 13 cikin 100 kafin ka maido uwar kuɗinka. Duba hatimin jikinta ma: 750 karat 18 ke nan, 916 kuwa 22.

Ni dai ba zan wuce kashi 10 ba, wato 200,000, kuma kuɗin da ba zan nema ba nan da shekara biyar. Karɓi rasiti mai nuna giram da karat.