Wayar da aka manta a rumfarka ba ta zama taka bayan mako biyu

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda. Kwana 12 da suka wuce muna rufe rumfa yarona ya ga waya a ƙarƙashin bencin da masu ciniki ke zama. Na ɗauki hotonta gaba da baya na sa a shafina, na roƙi jama'a su yaɗa don a samu mai ita. Na kuma rubuta cewa idan mako biyu ya cika babu wanda ya zo, zan sayar da ita. Yanzu mutum biyu kowa ya ce tasa ce. Na ɗayan ya kwatanta ta daidai, amma da na ce ya ba ni tukwici sai ya ce zai kawo mini 'yan sanda. Ta biyun mace ce, ta ce ta mahaifiyarta ce, kuma ba ta san lambar buɗewa ba. Ba ni da ikon riƙewa har a biya ni wahalata? Kuma idan wa'adin ya cika ba tawa ba ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri kan cigiyar da ka yi, domin ita ce za ta tsaya maka idan magana ta yi nisa. Abin da zan faɗa na gina shi ne a kan yadda ka ba ni labari, ban ji ta bakin sauran biyun ba, kuma doka tana ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha. To amma tambayoyinka guda biyu, a fahimtata, amsarsu a'a ce.

Na fara da wa'adin. Mako biyun nan kai ka yanka shi, babu dokar da ta ba ka shi, kuma mai wayar bai amince da shi ba, wataƙila ma bai taɓa ganin shafinka ba. Mutum ba ya rasa mallakar kayansa don ya manta su a wani wuri. A kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960, sashe na 308 ya yi magana kan wanda ya mai da kayan wani nasa cikin rashin gaskiya, sashe na 309 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi sun sake kundinsu, lambobin sun canza, amma ma'anar tana nan. Wanda ya tsinci abu ya ɗauka don ya adana wa mai shi bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne ranar da ya mai da abin nasa alhali yana da hanyar gano mai shi, ko bai bi hanyoyin da suka dace ba, ko bai jira lokacin da hankali zai ɗauka ba. Alƙali ne ke auna wannan lokacin, yana duba irin kayan da yanayin tsintuwar.

A nan waya ta bambanta da kuɗin da aka yar a hanya. Akwai layi a cikinta, layin kuma tun ƙarshen 2020 hukuma ta wajabta haɗa shi da lambar NIN ta mai shi. Ana kiranta, saƙonni na shigowa. Zai yi wuya ƙwarai ka gamsar da kotu cewa ba ka da hanyar gano mai ita, balle yanzu da mutum biyu suka riga suka fito. Idan kuma kotun shari'ar Musulunci aka je, ba na jin za ka samu sauƙi. Hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke cikin Bukhari da Muslim ya sa cigiyar tsintuwa shekara guda cur, kuma a mazhabar Malikiyya ko bayan shekarar ka yi amfani da ita ko ka yi sadaka da ita, ranar da mai ita ya bayyana kana da lamuni a kanka. Don haka ka koma shafinka yau ka goge maganar sayarwa. Jimlar nan ita kaɗai ce a cikin sanarwarka da lauyan wani zai iya ɗagawa ya ce ga niyyarka tun farko.

Tukwici kuma kyauta ce. Al'ada ce mai kyau, mutumin kirki ma ba ya jira a tambaye shi, amma ba bashi ba ne. Yana zama haƙƙi ne idan mai kayan da kansa ya yi shelar zai ba da lada ga wanda ya dawo masa da su, ka kuma dawo da su kana sane da shelar. Ba ka ce mini an yi hakan ba. Ainihin abin da ka kashe wajen adanawa, kamar caji ko kira, kana iya ambata shi cikin lalama, sai dai ban ba ka shawarar ka riƙe waya a kansa ba. Da zarar ka ce sai an biya za ka bayar, ka tashi daga mai riƙon amana ka koma mai garkuwa da kayan mutane, kuma haka za a rubuta shi a takardar ƙorafi.

Wannan ba ya nufin mutumin da ya yi maka barazana yana da gaskiya. Wanda aka adana wa waya kwana 12 ya kamata ya fara da godiya, ya kawo hujja, kafin ya ambaci 'yan sanda. Gaggawarsa ma tana sa ni ɗan dakatawa. Ka ce ya kwatanta ta daidai. Me ya kwatanta da ba ya cikin hoton da ka sa? Ka nuna gabanta da bayanta, launi, samfuri, tsagewar gilashi idan akwai, wataƙila har hoton da ke kan fuskarta. Duk wanda ya ga shafinka zai iya karanto maka waɗannan. Hikimar da ke cikin hadisin da na ambata ita ce mai tsintuwa ya riƙe alamomin a ransa, mai nema ne zai faɗe su. Sanarwar da ta dace ita ce a ce an tsinci waya a layi kaza ranar kaza, mai ita ya zo da shaida. Hoton ya riga ya fita, amma ka sauke shi duk da haka, musamman idan fuskar wani ko lambar wani ta bayyana a ciki.

Babban haɗarin da ke gabanka yanzu shi ne ka miƙa ta ga wanda ba shi ba. Idan ka yi haka cikin sakaci, mai ita na gaskiya zai iya nemanka da kuɗinta, kuma cewa an matsa maka ba lallai ya fitar da kai ba. Ka sani kana da hurumin ƙin bayarwa har sai an gamsar da kai. Tsohuwar ƙa'ida ce da kotunanmu suka gada daga wata shari'ar Ingila ta 1722, cewa mai tsintuwa ya fi kowa haƙƙin riƙe abin in ban da mai shi na asali. Wato wanda bai tabbatar da mallakarsa ba ba shi da ikon ƙwace ta daga hannunka, komai ɗaga muryarsa.

Tantancewar ba ta da wuya. Kowannensu ya faɗi lambar layin da ke ciki, a kira a gabanka a ga ko za ta yi ƙara. Wannan matakin farko ne kawai, tunda wanda ya san mai wayar ma ya san lambarta. Sai a ba mai nema ya buɗe ta da hannunsa, da lambar sirri ko yatsa. Mafi ƙarfi shi ne kwalin wayar ko rasit, domin a jikin kwalin akwai lambar IMEI mai alƙaluma 15. Bayan an buɗe wayar a danna wannan, lambar za ta fito a gwada:

```
*#06#
```

Idan ta kwali da ta waya sun zo ɗaya, magana ta kusa ƙarewa. Ita kuma baiwar Allah da ta ce ta mahaifiyarta ce, rashin sanin lambar buɗewa bai mai da ita maƙaryaciya ba, 'ya'ya da yawa ba su san ta iyayensu ba. Ta zo da mahaifiyar, ko a je inda take da shaidu idan ba ta iya fitowa. Ban yanke cewa tata ce ba, ina dai cewa labarinta yana da hanyar gwadawa, shi ma nasa haka, kuma a yi musu gwaji iri ɗaya.

Kafin ranar, ka bar wayar a kunne da caji, ka amsa kiran da ya shigo, domin sau da yawa ɗan'uwan mai ita ne ke nema. Kada ka cire layin, kada ka kai ta wurin masu gyara a buɗe ko a wanke ta, kada yaronka ya riƙa gwada lambobi. Asusun bankin mutane da yawa a ɗaure yake da layinsu. Idan kuɗi suka fita a kwanakin da wayar ke hannunka, ko ba kai ba ne, kai za a fara tambaya, kuma cire layi shi ne abu na farko da za a riƙe a kanka. Karanta saƙonnin mutum ma shiga sirrinsa ne, wanda sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi kariya.

Game da 'yan sanda, ka riga shi zuwa. Ka je ofishin da ke kula da kasuwarku ka ba da rahoton tsintuwa, a shigar a littafi, ka karɓi lambar shigarwar. Akwai dalilin da ya wuce barazanarsa: ba ka san yadda wayar ta zo ƙarƙashin bencinka ba. Tana iya yiwuwa sato ta aka yi aka yar da aka ji tsoro, kuma idan ana bin sawunta, rumfarka sawun zai nuna. Rahoton da ka kai da ƙafarka, haɗe da hoton sanarwarka mai ɗauke da kwanan wata, su ne za su nuna ba ɓoyewa kake yi ba. Idan suka ce a bar wayar a wurinsu, wannan ma mafita ce, sai dai ka karɓi takardar da ta nuna samfurinta da ranar da ka miƙa.

Ni dai da za ka bi tawa, ba za a kai kotu ba. Kuɗin zirga-zirga da ranakun da za ka rufe rumfa za su iya haura darajar wayar, kuma babu abin da za ka ci a ƙarshe tunda ba taka ba ce. Ka sanar da shugaban layinku ko sarkin kasuwa, a sa rana ɗaya a kira su biyun a ofishin ƙungiya, a yi gwajin a gaban shaidu biyu. Wanda ya tabbatar ya nuna katin shaidarsa, a rubuta takarda gajeriya mai ɗauke da sunansa, lambar IMEI, kwanan wata, da cewa ya karɓi wayarsa lafiya ba ya bin ka komai, ya sa hannu shaidu su sa. Ka ajiye kwafi, sannan ka rubuta a shafinka cewa an samu mai ita ba tare da ka ambaci sunansa ba. Idan duka biyun suka kasa, ko ɗaya ya ƙi zuwa ya ci gaba da barazana, kada ka yi jayayya da shi a bakin rumfa. Ka miƙa wayar ga 'yan sanda da takarda, ka ba kowannensu lambar rahoton, su je can su kai hujjarsu.